Me Ya Sa Hotunan Tsararki Ke Sa Ki Raina Kanki?

Wanda ya ga hoton Aliko Ɗangote a waya ba ya rasa barci. Ya san Ɗangote ya fi shi kuɗi nesa ba kusa ba, kuma sanin hakan bai taɓa hana shi cin tuwo ba. Amma mutumin nan idan ya buɗe WhatsApp ya ga abokin da suka zauna benci ɗaya a sakandare ya jingina da sabuwar mota, ya rubuta "Alhamdulillah" a ƙasa, sai wani abu ya tokare masa ƙirji. Zai danna ya rubuta "Allah ya sanya alheri", kuma da gaske yake, amma ya wuni jikinsa a sanyaye. Motar ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na dukiyar Ɗangote ba, ita ce kuma ta sosa masa rai.

Daga nan ya kamata a fara, domin yawancin masu magana kan illar soshiyal midiya suna ɗora laifin kan fitattun mutane da masu nuna dukiya. Waɗannan suna da nasu rabon. Amma ciwon da ke cin mutum a hankali har ya koma yana raina kansa, daga tsara yake zuwa: 'yan ajinku, ƙawayen amarya, 'yan uwa sa'anni, abokan sana'a.

A shekarar 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Leon Festinger, ya yi bayanin dalilin. Akwai abubuwan da mutum ke iya aunawa da sikeli ko awo, kamar tsayinsa da nauyinsa. Akwai kuma waɗanda ba su da sikeli: shin na ci gaba a rayuwa, shin na iya sana'ata, shin a shekaruna ya kamata a ce na wuce nan. Inda babu sikeli, sai mutum ya mayar da wasu mutane sikelinsa, kuma yana zaɓar waɗanda suka yi kama da shi, don su ne awonsu ke da ma'ana. Daga baya wani masanin, Abraham Tesser, ya ƙara fayyace lamarin, ya ce zafin kwatance na buƙatar abu uku su haɗu: wanda ya fi ka ɗin na kusa da kai ne, abin da ya fi ka a kai abu ne da kake auna kanka da shi, kuma fifikon a bayyane yake. Cire ɗaya daga cikin ukun, zafin ya tafi. Idan ƙanwarki ta ci gasar karatun Alƙur'ani alhali ke tela ce, alfahari za ki yi, har ki riƙa cewa ai ƙanwata ce. Idan kuwa ita ma ɗinki take yi kuma amare suka koma wajenta, labarin ya sauya, ko da kina sonta kamar ranki.

Kwatancen ma ba ya bin gaskiyar matsayin mutum, yana bin wanda idonsa ya sauka a kai. An taɓa nazarin fuskokin 'yan wasan da suka karɓi lambobi a gasar Olamfik ta Barcelona a 1992, aka ga waɗanda suka zo na uku suka karɓi tagulla sun fi waɗanda suka zo na biyu suka karɓi azurfa fara'a. Mai azurfa zinaren da ya suɓuce masa yake kallo. Mai tagulla kuwa na huɗun da ya tafi gida hannu rabbana yake tunawa.

To, wannan ɗabi'a tsohuwa ce, ta girmi waya. Abin da waya ta sauya shi ne yawan mutanen da ake auna kai da su, da irin ɓangaren rayuwarsu da ake gani.

Lissafin da ido ba ya yi

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Wata matashiya ce mai shekara 27, ta gama difloma, tana ɗinki a shagon da ta kama haya a bakin layinsu. Ba ta yi aure ba. Sana'arta na tafiya daidai gwargwado, tana fitar da kaya kamar kala goma a mako. Dole take riƙe da waya saboda kwastomomi: a WhatsApp suke turo mata samfurin ɗinki, a Status take ɗora abin da ta gama. Tsakanin 'yan makarantarsu da dangi da kwastomomi da sauran teloli, a ce mutum 300 ne take ganin Status ɗinsu, tunda sai ta ajiye lambar mutum shi ma ya ajiye tata kafin su ga na juna.

A ce kowane ɗaya daga cikin 300 ɗin nan yana samun babban abin farin ciki sau huɗu a shekara, irin wanda ake ɗorawa: baiko, biki, haihuwa, sabon aiki, tafiya Umara, sabuwar mota, kammala karatu, buɗe shago. Huɗu sau 300 ya ba da 1,200 a shekara. Raba shi kan kwana 365, ya haura uku a kowace rana. Ita ma a ce tana samun nata huɗun daidai da kowa, ba a fi ta da komai ba. Nata yana zuwa ne sau ɗaya a wata uku. Tsakanin abin farin cikinta ɗaya da na gaba, ta kalli na wasu kusan 300. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, babu wanda ya yi aron mota ko ya gyara hoto. Da gaskiya zalla kawai, abin da idonta ke gaya mata shi ne kullum wani na ci gaba, ita tana nan inda take.

Lissafin ya fi haka muni idan aka duba yadda biki ke shiga waya. Aure ɗaya ne, amma akwai ranar kai lefe, da sa lalle, da kamu, da ɗaurin aure, da dina, da kai amarya. Ƙawaye goma sha biyar da suka yi anko kowacce za ta ɗora nata, mai kwalliya ta ɗora, mai hoto ya ɗora, mai adon wuri ya ɗora. Auren mace ɗaya ya zama hotuna da bidiyo sama da ɗari a cikin mako guda. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta ƙirga aure, tana auna yawan abu ne da yadda yake saurin faɗo mata. Idan aka tambayi telar nan ƙawayenta nawa suka yi aure bana, bakinta zai ce "kowa ma". Idan aka ba ta biro ta rubuta sunaye, ƙila ba za su wuce biyar ba.

Sai kuma abin da ba ya shiga Status kwata-kwata. A al'adarmu rasuwa da rashin lafiya ne kaɗai ɓacin ran da ake sanarwa, don neman addu'a. Ba a ɗora bashin da aka ci don kayan ɗaki. Ba a ɗora yaji, ko takardar saki, ko jarrabawar da aka faɗi, ko watan da shago bai kawo kuɗin haya ba. Rufin asiri ne, kuma ba laifi ba ne. Amma sakamakonsa shi ne ita ta san rayuwarta ciki da waje, har yoyon ɗakinta, su kuma falonsu kaɗai take gani bayan an share an kunna turare.

Mafi ɓarna a ganina shi ne abin da ke faruwa idan ta zauna ta kalli Status ashirin a jere. WhatsApp na wucewa da kansa daga na wannan zuwa na wancan, ba sai ta taɓa komai ba. A cikin minti biyar ta ga mijin wannan, da shagon waccan, da hasken fatar wata, da digirin wata, da hoton wata a gaban Ka'aba. Zuciya ba ta ajiye kowane abu ga mai shi. Tana tattara su ta ƙera mace ɗaya mai miji da shago da digiri da kyau da Umara, ta kira ta "tsarata", sannan ta ajiye telar a gefenta. Wannan macen babu ita a duniya. Mai shagon ƙila aurenta ya mutu, mai mijin ƙila ba ta da naira dubu tata ta kanta. Telar tana tsere ne da mutum biyar da aka ɗinke wuri ɗaya.

A Instagram da TikTok akwai ƙarin hannu a ciki. Can ba mutanen da ka zaɓa kaɗai kake gani ba, manhajar ce ke zaɓo maka bisa abin da ka tsaya a kai. Kuma ba ta bambance tsayawar sha'awa da tsayawar takaici. Idan telar ta tsaya daƙiƙa talatin kan bidiyon lefe mai akwati goma sha biyu, ta maimaita shi, ta shiga ta karanta sharhin mutane, manhajar ta rubuta cewa wannan tana son lefe. Gobe sai ta kawo mata biyar. Abin da ya fi ci mata rai shi ya fi riƙe idonta, shi kuma za a fi kawo mata.

Yadda ciwon ke shiga jiki

Zafin farko ba shi da daɗewa. Minti kaɗan ne, kwastoma ta shigo, an manta. Da sau ɗaya yake zuwa a wata da babu abin rubutawa a kai. Wani bincike da aka yi kan ɗalibai a Jami'ar Toledo ta Amurka, wanda aka wallafa a 2014, ya nuna wannan zafin a fili: an nuna musu shafukan bogi na wasu da aka ce tsaransu ne, waɗanda suka kalli shafin da ke nuna mai shi ya fi su sai kimar da suke ba kansu ta sauka nan take. Saukar ƙarama ce kuma mai wucewa. Matsalar ita ce wanda ke duba waya sau arba'in a rana ba ya barin wurin ya warke kafin a sake fama shi.

Hanya mafi sauƙi ta gane inda mutum ya kai ita ce sauraren irin jimlar da yake faɗa wa kansa. Da farko telar kan ce, "Ban samu irin shagon nan ba tukuna." Magana ce kan shago, kuma "tukuna" na nan. Bayan watanni sai ta koma, "Ni dai abubuwana ba sa tafiya." Shago ya fita daga maganar, ta zama kan rayuwa gaba ɗaya. Daga ƙarshe sai, "Ni ai ba wata aba ba ce." Nan an bar abin da ta mallaka an koma kan ita kanta. Tsakanin jimlar farko da ta ukun babu wata rana guda da za a nuna a ce nan abin ya faru, shi ya sa mai shi ba ya lura, mutanen gida ma sai dai su ce ta cika shiru kwanan nan.

Yana fitowa a aikace kafin ya fito a baki. Ta ɗora rigar da ta ɓata kwana biyu tana yi wa aiki, bayan awa ɗaya ta duba ta ga mutum goma sha biyu ne suka kalla, sai ta goge. Kwastoma ta ce mata, "Kai, Anti, wannan ɗinki ya yi kyau," sai ta amsa da, "Ai ba ki ga na wance ba." An gayyace ta taron 'yan ajinsu ta ce ba ta jin daɗi. Ta sayi sabon keken ɗinki da kuɗin adashinta, ta yi murna kwana ɗaya, washegari ta ga wata ta jera kekuna shida na lantarki, nata ya fita daga ranta. Akwai kuma alamar da ba a son faɗa: ta ji labarin auren wata ƙawa ya samu matsala, wani sanyi ya ratsa ta kafin tausayi ya zo, sannan ta tsani kanta saboda sanyin. Wannan kunyar ita ma tana ƙara wa hukuncin nauyi, don yanzu tana ganin kanta a matsayin wadda aka bari a baya kuma mai baƙin ciki.

Raina kai yana da farashi da ake iya ƙirgawa. A ce kuɗin ɗinkinta naira 8,000 ne kan kala ɗaya. Tunda ta fara ganin aikinta bai kai na wasu ba, duk wadda ta ce "a rage min" ba ta iya tsayawa, sai ta sauko 6,000. Kala goma a mako, ta yi asarar 20,000. A wata 80,000. Ɗinkin bai canja ba, zaren nan ne, hannun nan ne. Ƙarshen wata ta ga kuɗi sun ragu, sai ta ɗauki hakan shaida cewa lallai an wuce ta. Wata kuma ta ɗaya ɓangaren take faɗawa: ta ci bashi ta yi wa shago fenti da fitilu da madubai don ya yi kyau a bidiyo, alhali injin saƙa bakin zani take buƙata. A ɓangaren maza ma haka abin yake, sai dai kayan awon su sauya zuwa mota, fili, shadda ranar Sallah, da wa ya riga wa aure.

Abin da bincike ya nuna, da iyakarsa

A Satumban 2021 jaridar Wall Street Journal ta wallafa wasu takardun cikin gida na kamfanin Facebook, waɗanda tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fitar. A cikinsu akwai binciken kamfanin da kansa, inda kashi 32 cikin 100 na 'yan mata matasa suka ce idan suna jin ba daɗi game da jikinsu, Instagram na ƙara musu. A 2018 kuma masu bincike a Jami'ar Pennsylvania sun raba ɗalibai 143 gida biyu. Rukuni ɗaya aka taƙaita musu Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti goma kowanne a rana har tsawon mako uku, ɗayan aka bar su yadda suka saba. Waɗanda aka taƙaita wa sun samu raguwar kaɗaici da alamun ciwon damuwa, kuma sauƙin ya fi bayyana ga waɗanda dama suka shigo da damuwa mai nauyi.

Amma kada a zuzuta. A 2019 wasu masana biyu a Jami'ar Oxford, Amy Orben da Andrew Przybylski, sun tattara bayanan matasa sama da dubu ɗari uku daga Amurka da Birtaniya, suka ga amfani da na'urori irin su waya bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin 100 na bambancin walwala tsakanin matasa ba. Wato yawan awannin da mutum ke yi a waya kaɗai ba ya gaya maka halin da zuciyarsa ke ciki. Wannan bai ci karo da abin da ya gabata ba. Matsakaicin lissafi na haɗa wanda waya ba ta yi wa komai, da wanda take amfana, da wanda take cinyewa. Nazarce-nazarce da dama sun nuna cewa kallo shiru ba tare da magana da kowa ba ya fi hira da mutane saukar da walwala, kuma ƙyashi ne gadar da ke tsakani. Abin ma ta ɓangare biyu yake tafiya: kallon na sa damuwa, mai damuwa kuma ya fi yawan kallo da kwatance. Sannan waɗannan bincike a Amurka da Turai aka yi su, inda Instagram da Snapchat suka fi ƙarfi. A wajenmu Status ɗin dangi da ƙawaye na iya fin su tasiri, saboda sharuɗɗan Tesser uku sun fi haɗuwa a cikinsa.

Gyara: a fara da sunaye kafin mintuna

Shawarar "ki ajiye wayar" ba ta da amfani ga telar nan, abincinta na ciki. Kuma tunda ba yawan lokaci ne ainihin cutar ba, da gano mutanen da ke tayar da zafin ya kamata a fara.

Makon farko kada ta canja komai. Ta ajiye ƙaramin littafi kusa da keken. Duk lokacin da ta ji tokarewar nan, ta rubuta abu uku: sunan wanda ta kalla, abin da ta gani, da ƙarfe nawa. A ƙarshen mako ta buɗe Digital Wellbeing idan Android ce, ko Screen Time idan iPhone ce, ta ga awannin da kowace manhaja ta ci. Abin da littafin kan nuna shi ne cikin mutum 300, sunaye kaɗan ne ke maimaituwa. A misalinmu a ce bakwai: teloli uku, 'yan aji uku da suka yi aure, da 'yar ƙanwar babanta. Zai kuma nuna mata fannin da take auna kanta da shi, wanda ƙila ba shi take zato ba. Tana iya ɗauka aure ne ke damunta, ta tarar biyu bisa uku na abin da ta rubuta kan shago ne.

Mako na biyu ta ɓoye bakwai ɗin. A WhatsApp ana danne Status ɗin mutum a zaɓi Mute, a sabon samfurin manhajar Hide ake rubutawa. A Instagram akwai Mute na hotuna da na Stories daban-daban, sai an kunna duka biyun. A Facebook akwai Snooze na kwana 30. Babu ɗaya daga cikinsu da ke sanar da wanda aka ɓoye, zumunci na nan, hira na nan. Wannan ya fi toshe mutum ko goge lambarsa, wanda a cikin dangi kan zama abin kai ƙara wajen manya. A TikTok ana danne bidiyo a zaɓi Not interested, amma dannawar kaɗai ba ta isa ba. Sai an haɗa da saurin wucewa, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin abin da ake kawowa ya sauya.

Batun ƙirga masu kallo ma yana da makunni. Idan ta kashe Read receipts a cikin Privacy na WhatsApp, ba za ta ƙara ganin waɗanda suka kalli Status ɗinta ba. Kuɗin da za ta biya shi ne shuɗin alamar karanta saƙo zai ɓace a hirarta da mutane ɗaiɗai, wanda ga mai kwastomomi abin dubawa ne. Instagram ma tun 2021 ya ba da damar ɓoye adadin masu so, na mutum da na wasu.

Sai lokaci. Littafin zai nuna yawancin zafin na zuwa ne da dare a kan gado, ko da asuba kafin a fara komai, lokutan da babu wani aiki da zai katse tunanin. Ta ware wa kallon Status lokaci ɗaya da rana tsaka, minti goma sha biyar, a shago, inda aiki ke jiranta.

Inda abin kan lalace sananne ne. Waɗanda aka ɓoye ba su ɓace ba, suna can ƙasa a wani jeri, kuma ranar da rai ya ɓaci yatsa can yake nufa. Wannan ba ya nufin dabarar ta gaza, don kallo da gangan sau biyu a mako ya bambanta da karo da su sau ashirin ba shiri. Agogon taƙaita manhaja ma yana da maɓallin tsallakewa, a iPhone Ignore Limit ne, kuma wanda ya danna shi kwana uku a jere ya mayar da shi ado. Gara a sa iyakar da za a iya kiyayewa, kamar rage rabin awa daga abin da Screen Time ya nuna, da a sa minti goma a karya.

Akwai magunguna biyu da mutane ke ba juna waɗanda ba na ganin suna warkarwa. Na farko shi ne "duk ƙarya ce, rayuwar bogi ce". Wani lokacin gaskiya ne, kallon kitse ake yi wa rogo. Amma wata ƙawar da gaske ta samu miji nagari, wata telar da gaske ta fi ta iya yanka. Wadda kwanciyar hankalinta ya dogara kan cewa kowa ƙarya yake, za ta koma mai farautar aibin mutane, kuma ranar da ta tabbatar abin gaske ne za ta faɗi warwas. Na biyu shi ne neman wanda aka fi don a ji sanyi. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya yi umarni da a dubi wanda ke ƙasa kada a dubi wanda ke sama, kuma ya faɗi dalilin: don kada a raina ni'imar Allah. Manufar ita ce ido ya dawo kan abin da ke hannu. Wadda ta mayar da shi leƙen shafin ƙawar da aurenta ya mutu don ta ji ta fi wani, tana nan kan sikelin da ya jikkata ta, gefen da take kallo kawai ta sauya.

Teloli ukun nan da ta ɓoye su ne za su fi yi mata amfani, idan ta koma musu da tambayar sana'a. Bayan wata ɗaya ta buɗe na wadda ta fi burge ta, da rana, da biro a hannu. Shekara nawa ta yi tana ɗinki? Yara nawa ke mata aiki? Kaya goma sha biyar da take ɗorawa a mako sababbi ne, ko tsofaffi take maimaitawa? Mene ne takamaimai ya fi nata kyau, yankan kafaɗa ne, ko guga, ko kuwa hasken da take ɗaukar hoto a ciki? Idan amsar ita ce shekara tara da yara huɗu, to dama ba tsararta ba ce a sana'a, ko da shekarun haihuwarsu ɗaya. Idan amsar yankan kafaɗa ce, wannan abu ne da ake koya a mako biyu, har ma tana iya tura mata saƙo ta tambaya. Sannan ta buɗe littafin kwastomominta na bara a irin wannan watan ta ajiye shi gefen na bana: kala nawa, kan nawa, mutum nawa suka dawo. Festinger da kansa ya ce mutum na komawa ga auna kansa da wasu ne idan ya rasa awo na zahiri, kuma littafin ciniki awo ne na zahiri.

'Yar ƙanwar baban ce ba ta ɓoyuwa. Za su haɗu a suna, za su haɗu a Sallah, kuma gwaggo za ta ce, "Ke kuma yaushe za mu sha naki?" Maɓallin waya na rage yawan famin ne kawai, ba ya taɓa kwatancen da ake yi wa mutum da baki a tsakar gida.

Bayan mako huɗu ta sake riƙe littafin na tsawon mako ɗaya kamar na farko, ta kwatanta yawan layukan. Idan sun ragu kuma ta daina goge abin da ta ɗora, ta ci gaba a haka. Idan kuwa sunaye sun ɓace amma nauyin ƙirji na nan, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, ɗinkin da take so ya fita daga ranta, kuma hakan ya kai mako biyu ko fiye kusan kullum, to alamun ciwon damuwa ne, wanda ɓoye Status ba ya maganinsa. Wannan na likita ne, a babban asibiti ko asibitin ƙwaƙwalwa. Idan har tunanin cutar da kai ya fara zuwa mata, ba a jiran mako biyun, ranar za ta gaya wa wani na jikinta su tafi tare.